Yadda Tsarin Makonni Tara Ke Koya Wa Sabon Shiga Gudu Ba Tare Da Ya Ji Rauni Ba

Yawancin masu fara gudu don motsa jiki ba lalaci ke tsayar da su ba, gaggawa ce. Mutum ya shekara bai yi gudu ba, sai ya tashi ya yi ta zagaye fili kullum har tsawon mako guda, daga nan ƙwauri ko gwiwa ta fara ciwo, ya jingine takalmin. Domin magance wannan ne aka fito da tsarin horo na mako-mako, wanda ke isa ga mai koyo ta hanyar tunatarwa guda ɗaya kowace rana a wayarsa, kuma aka ware ranakun hutu a cikinsa tun daga farko.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan tsare-tsare shi ne Couch to 5K, wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara a shekarar 1996, daga bisani Hukumar Kiwon Lafiya ta Birtaniya, NHS, ta karɓe shi ta mayar da shi manhajar waya. Tsarin na ɗaukar makonni tara, ana fita sau uku a mako, ana barin aƙalla kwana ɗaya na hutu tsakanin fita da fita. Manufarsa ita ce a kai mutumin da bai saba gudu ba matsayin da zai iya yin minti 30 yana sassarfa ba tare da tsayawa ba.

Kowace fita tana farawa da tafiya da sauri ta minti biyar domin ɗumama jiki, tana kuma ƙarewa da irinta. A makon farko, mai koyo zai yi sassarfa ta sakan 60, ya bi ta da tafiya ta sakan 90, ya riƙa maimaita hakan har tsawon minti 20. Idan aka lissafa, gudun da ya yi gaba ɗaya bai wuce minti takwas ba. A mako na biyu sassarfar ta zama sakan 90, tafiyar ta zama minti biyu. A mako na uku ne zai fara ɗanɗana gudun minti uku a jere, a na huɗu kuma na minti biyar. Babban tsallake yana zuwa ne a fita ta ƙarshe ta mako na biyar, inda ake buƙatar minti 20 babu tafiya a tsakani. Daga nan sai minti 25 a mako na bakwai, 28 a na takwas, 30 a na tara.

Amfanin tunatarwar yau da kullum shi ne ta ɗauke wa mai koyo nauyin yanke shawara. Maimakon ya zauna yana nazarin jadawalin makonni tara, abin da ke gabansa shi ne aikin yau kaɗai. Wanda ba shi da manhajar zai iya rubuta tunatarwar da kansa a kalandar waya. Misali, ma'aikacin da ya zaɓi Litinin da Laraba da Asabar zai sa wayarsa ta sanar da shi tun daren Lahadi cewa gobe akwai fita, ya ajiye takalmi da ruwa a kusa. Da sassafen Litinin saƙon zai faɗi aikin dalla-dalla: tafiya minti biyar, sassarfa sakan 60 da tafiya sakan 90 sau takwas, sannan tafiya minti biyar. Ranar Talata ma saƙo zai shigo, amma abin da zai ce shi ne yau hutu ne, babu gudu. Haka za a yi ranar Alhamis da Juma'a da Lahadi.

Wannan saƙo na ranar hutu shi ne ginshiƙin tsarin, ko da yake shi aka fi rainawa. Dalili kuwa shi ne sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci guda. Zuciya da huhu kan samu ci gaba cikin 'yan makonni, har mutum ya ji numfashinsa ya daidaita, ya ɗauka ya shirya wa ƙari. Su kuwa ƙasusuwa da jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, kamar agara, sukan buƙaci lokaci mai tsawo kafin su yi ƙwari. Duk takun gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki, kuma gyaran 'yar gajiyar da wannan ke haifarwa yana gudana ne a lokacin hutu da barci. Wanda ya cike ranakun hutu da ƙarin gudu ya hana jikinsa yin wannan gyara. Hutun ba ya nufin kwanciya wuni guda, domin tafiyar ƙasa ko hawan keke a hankali ba su da illa.

Sai dai tsarin yana da rauninsa, wato kalanda ba ta san halin da jiki ke ciki ba. Idan Litinin ta zagayo za ta kawo aikin mako na biyar, ko da mai koyo da ƙyar ya kammala na huɗu. Ƙa'idar ita ce, duk makon da aka gaza kammalawa, ko aka kammala da matsanancin haki, a maimaita shi, a matsar da sauran tunatarwar gaba da kwana bakwai. Haka nan idan fita ta kuɓuce saboda tafiya ko ruwan sama, ba a rama ta da haɗa kwana biyu a jere. Wanda zazzaɓi ya kwantar kuwa, gara ya koma baya da mako guda idan ya warke.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko saurin ya yi yawa. Idan mai gudu zai iya furta cikakkiyar jimla yana cikin sassarfa, saurin ya yi daidai. Idan kalma biyu ta gagare shi, ya rage. Ciwo ma iri biyu ne. Tsamin jiki da ke kama cinyoyi biyu kwana ɗaya ko biyu bayan fita, ya kuma lafa da kansa, ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashin ƙwauri, ko yake ƙaruwa ana cikin gudu, ko ya sa ɗingishi, alama ce ta a dakata a nemi likita. Ciwon ƙirji ko jiri ko jin kamar za a suma na buƙatar a tsaya nan take a tafi asibiti. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, ya kamata su tuntuɓi likita tun kafin fitar farko.

A yanayin Nijeriya, lokacin da aka sa wa tunatarwar yana da tasiri. Fita da sassafe ko dab da faɗuwar rana ta fi dacewa, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke tsananta a Arewa. A ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai fama da asma zai iya ɗage fitarsa zuwa washegari.

Kada kuma sunan tsarin ya ruɗi mai koyo. Cin kilomita biyar cikin minti 30 na buƙatar minti shida a kowace kilomita, saurin da sababbin shiga da dama ba sa kai wa a mako na tara. Wanda ya cika minti 30 ɗinsa ya kammala tsarin, ko da kilomita huɗu ya ci. Abin da ya rage masa shi ne ya bar tunatarwar a kunne, fita uku da hutu huɗu a kowane mako, nisan zai ƙaru a hankali.