Aikin Wucin Gadi a Jami'a: Awa Nawa Ɗalibi Yake da Ita ta Sayarwa?

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero da daddare zai ga abin da ba a gani shekaru ashirin da suka wuce. Wannan ya duƙufa a kan waya yana tsara katin ɗaurin aure, waccan tana amsa wa masu sayen atamfa a shafin wata hajiya, wani kuma yana buga wa wata makarantar firamare takardun jarrabawa a kwamfuta. Ba kwaɗayi ba ne. Kuɗin mota ya tashi, kwanon shinkafa ya tashi, abin da ake turowa daga gida ba ya kai ƙarshen wata. Ko wanda ya samu bashin karatu na NELFUND, naira 20,000 ake ba shi a wata don ciyar da kai, kuma kowa ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa.

Don haka ba zan ɓata baki wajen cewa ɗalibi ya bar neman kuɗi ba. Abin tambaya shi ne: awa nawa yake da ita da zai iya sayarwa ba tare da ya sayar da digirinsa a ciki ba? Yawancin waɗanda suka yi tuntuɓe ba ragwaye ba ne, lissafi ne ba su yi ba tun farko.

A tsarin jami'o'in Nijeriya, ɗalibi yana rajistar yunit 15 zuwa 24 a zangon karatu ɗaya. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca kowane mako, ko kuwa kamar awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Mu ɗauki ɗaliba 'yar aji biyu a fannin kimiyya da ta yi rajistar yunit 20, tana kuma zana katunan biki da tallace-tallacen shaguna a wayarta. Mako yana da awa 168. Idan ta yi barcin awa bakwai kowane dare, 49 sun tafi, saura 119. Salla, girki, wanka, wanki, layin ruwa da jiran mota, a ba su awa biyar a rana, 35 ke nan, saura 84. Lakca da ɗakin gwaje-gwaje za su ci kamar 24, saura 60. Kowace awa ta aji tana neman aƙalla awa guda ta bita da aikin gida, wasu kwasa-kwasan ma biyu suke nema, sai mu cire 28, saura 32.

A takarda, awa 32 ba kaɗan ba ne, kuma nan ne tarkon yake. Ba a dunƙule suke ba. Minti arba'in ne tsakanin wannan lakca da waccan, awa guda ce bayan la'asar da mutum ya dawo a gajiye. A cikinsu ne za a gaida iyaye, a je dubiya, a yi hira da ƙawaye, a huta. A cikinsu ne kuma malami zai aiko da saƙo daren Juma'a cewa akwai lakca gobe Asabar da ƙarfe takwas. Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari, waya ta mutu ana tsakiyar aiki. In an tace, abin da zai rage mata na aiki mai natsuwa bai fi awa goma zuwa goma sha biyu ba. A ganina wannan ita ce iyaka ga mai yunit 20 a makonnin da babu gwaji. Mai karatun likitanci, injiniya ko zanen gine-gine, nasa bai ma kai haka ba.

Sai kuma kuskure na biyu, wato auna aiki da lokacin da hannu yake kansa kaɗai. A ce an kawo mata katin aure, an yi ciniki a kan naira 5,000. A ranta aikin awa ɗaya ne, kuma gaskiya zanen farko bai wuce haka ba. Ta tura. Amarya ta ce, "Don Allah 'yar'uwa, a ɗan canja kalar nan, ba ta shiga da ankon ba." An canja. Can da dare ango ya turo saƙon murya na minti huɗu, an manta sunan kawunsa a jerin masu gayyata. Washegari uwar amarya ta ce an ɗaga walima daga Asabar zuwa Lahadi. Mai ɗab'i kuma ya kira ya ce hoton ya fashe, a sake turo masa mai nauyi. Kafin a rabu, awa huɗu sun tafi, ban da kuɗin data, ban da kwana uku na bin cikon kuɗi. Aikin da ta ɗauka na 5,000 a awa ya koma 1,250. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne, biyu daga cikin saƙonnin nan a tsakiyar lakca ta amsa su, kai a sunkuye ƙarƙashin benci. Sunanta yana cikin takardar halarta, amma darasin bai shiga ba.

Saboda haka awa goma sha biyu ba kati goma sha biyu ba ne, kati uku ne, in an matsa huɗu. Wanda yake son sanin gaskiyar aikinsa ya yi mako biyu yana rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya ajiye, har da amsa saƙo da gyare-gyare. Da yawa za su sha mamaki.

Abin da yake gefe ɗaya na sikelin kuma shi ne maki, kuma shi ma yana da lissafinsa. A ma'auni mai maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke amfani da shi, A tana farawa daga 70 kuma tana da maki 5, B daga 60 tana da 4, C daga 50 tana da 3, D daga 45 tana da 2, ƙasa da 40 kuwa F ce, babu komai. Ana ninka makin da yawan yunit ɗin kwas. Da ɗalibarmu ta ci B a duk kwasa-kwasanta, jimla 80 za ta samu, a raba da yunit 20, ta tashi da 4.00.

To, a ce bukukuwan da ake jerawa kafin azumi sun faɗo daidai makon gwaji, ta karɓi aiki bakwai. Gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango su ne kashi 30 ko 40 na makin kwas, gwargwadon jami'a. A wani kwas mai yunit uku ta makara ba ta rubuta gwajin maki 15 ba, abin da zai zama 62 ya koma 47, B ta zama D, maki shida sun zube. A wani mai yunit uku kuma, irin na lissafi da kowane darasi yake hawa kan na baya, ta rasa zaren tun mako na shida, ta faɗi. Maki goma sha biyu ke nan. Jimla ta sauko 62, sakamakon zangon ya koma 3.10. Kwasa-kwasai biyu kacal, sun fitar da sakamakonta na zangon daga sahun tu-wan, wanda yake farawa daga 3.50, zuwa tu-tu. Kuma wannan kari-oba zai biyo ta baɗi, ya hau kan yunit ɗin aji uku, wataƙila ma lokacin lakcarsa ya ci karo da wata.

Ɗalibai suna yawan cewa, "Zan gyara a gaba." Ana iya gyarawa, amma farashin yana hawa kowace shekara. Mu ce digirin yunit 160 ne a zango takwas. Wanda ya gama aji biyu da CGPA 3.20 yana buƙatar 3.80 a sauran zango huɗu kafin ya taɓa 3.50, abu ne mai yiwuwa. Wanda ya kai ƙarshen aji uku yana kan 3.20 ɗin nan, sai ya ci 4.40 a zango biyun ƙarshe, ga aikin furojet a wuyansa. Wato kuɗin katunan an kashe su tun tuni, makin kuwa yana nan a takarda har ranar da za a nemi aiki ko gurbin digiri na biyu.

Wannan ya sa nake ganin nau'in aikin ya fi yawansa muhimmanci. Aikin da yake da farko da ƙarshe, kamar zanen tambari, fassarar shafi biyar, ɗinkin riga ko ƙunshin amarya ranar Asabar, ana iya saka shi a gurbi a rufe. Aikin da ba ya ƙarewa shi ne mai cin mutum, irin riƙe wa shago shafinsa a kan albashin wata. Kuɗin yana da daɗi don tabbatacce ne, amma mai shago ya sayi hankalinka ne gaba ɗaya, ƙarfe goma na safe kana aji zai kira ya ce kwastoma tana jira. In dole sai an karɓa, a yanka lokaci tun ranar ciniki: daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, shi ke nan. Akwai kuma aikin da kuɗinsa ya fi kowanne tsoka a harabar jami'a, rubuta wa wani furojet ko aikin gida. Wannan maguɗi ne a dokar kowace jami'a, yana iya kai mai saye da mai sayarwa gaban kwamitin ladabtarwa, har kora.

Zangon karatu kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Makonni uku ko huɗu na farko, ana fama da rajista, wasu malaman ba su ma fara shigowa ba, nan ne lokacin cika aljihu. Daga tsakiyar zango gwaje-gwaje suke sauka, sai a rage zuwa awa biyar ko shida, tsofaffin kwastomomi kaɗai. Saura mako uku jarrabawa a rufe shago ɗungurungum, a kuma sanar tun da wuri, a miƙa masu gaggawa ga wani abokin sana'a. Babban aiki a bar wa hutu. Sai dai a yi hattara da abin da ya faru bayan yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai da yawa sun kafa sana'a a zaman gidan nan, suka dawo da kwastomomin cikakken ma'aikaci, suka tarar jami'o'i suna gudu don cike giɓi. Yawan aikin hutu ba ya shiga rigar zangon karatu.

Wajen ciniki, abu uku suna ceton awoyi masu yawa: kafin alƙalami na rabin kuɗi, gyara sau biyu kacal wanda ya wuce haka a biya, da ƙara kwana biyu a kan ranar da kake ganin za ka gama. Mu da kunya, yana mana nauyi mu ce wa babba a'a, musamman in aminiyar mama ce ta kawo aikin. Ba sai an yi gatsali ba. "Hajiya, ki yi haƙuri, jarrabawa ta matso, amma daga ranar kaza ina nan," ya wadatar, kuma da wuya uwa ta ji haushin wannan magana.

Alamomin an wuce gona da iri suna bayyana tun kafin sakamako ya fito. Ka fara roƙon aboki ya sa maka hannu a takardar halarta, alhali jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 kafin a zauna jarrabawa. Aikin gida ya koma kwafe na wani da safe a bakin aji. An yi mako biyu ba ka buɗe littafin kwas mafi wuya ba. Makin gwajin farko ya fito ƙasa da rabi. In biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, a mayar da kafin alƙalamin da ba a fara aikinsa ba, a daina karɓar sabo har a ga makin gwaji na gaba.

Ɗalibi, kafin ka ce "an gama" ga aikin da za a kawo maka gobe, buɗe takardar rajistarka ka ƙirga yunit ɗinka, sannan ka duba ranar gwaji mafi kusa.