Kafin ka faɗi farashi, tambayi abin da ya faru daren jiya

Mai saye ba kasafai yake buɗe baki da matsalarsa ba. Maganin da ya zaɓa wa kansa yake kawowa, ko wanda maƙwabci ya ba shi shawara, ya ce a faɗa masa farashi. Mai sayarwa da ya yi saurin amsawa yana iya samun ciniki a ranar, amma bayan mako biyu kayan su dawo masa da ƙorafi.

Mu ɗauki misalin mai haɗa sola da wata mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo ta kira a waya.

"Malam, nawa ne inbata mai 5kVA? Tawa ta yi ƙarama."

"Akwai ta, Hajiya, kuma zan gaya miki kuɗin. Amma ki ba ni minti biyar, kada in sayar miki da abin da ba zai yi aiki ba. Daren jiya me ya faru?"

Wannan tambaya ta fi "mece ce matsalar?" amfani, domin idan ka tambayi matsala, ra'ayi za a ba ka, idan kuwa ka tambayi daren jiya, labari za ka samu, da lokaci da abin da aka gani da ido. Hajiya ta ce wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta ɗauke, kafin asuba ƙanƙara ta fara narkewa. Sai ya bi zaren: kullum a wannan lokacin take ɗaukewa, ko kuwa da zarar firiza ta tashi? Kullum wajen ƙarfe ɗaya. Me da me ke kan wutar? Firiza biyu, fanka da ƙwayaye. Me ke rubuce a jikin baturan? Guda biyu ne, 12V 200Ah.

A nan zancen ya sauya. Inbatar da kaya suka fi ƙarfinta tana yankewa ne nan take, a daidai lokacin da injin firiza ya tashi ya ja wuta da yawa. Wadda ke mutuwa a lokaci guda kowane dare, batir ne ya ƙare. Baturan nan biyu suna ɗaukar wutar da ta kai wat 4,800 na awa ɗaya, amma batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 2,400. Idan kayanta suna jan wat 400 a matsakaici, awa shida ke nan. Daga bakwai na yamma zuwa ɗaya na dare. Babbar inbata ba za ta ƙara ko minti ɗaya ba, hasali ma tana cin wuta fiye da ƙarama ko ba a kunna komai ba. Sauran tambaya ɗaya: baturan suna cika kafin magariba? Idan ba sa cika, a duba farantan sola tukuna, musamman a hunturu da ƙura ke lulluɓe su.

Gano sanadi bai wadatar ba. Neil Rackham, wanda tawagarsa ta nazarci tattaunawar ciniki kusan 35,000 kafin ya fitar da littafinsa kan dabarun sayarwa a 1988, ya lura cewa waɗanda suka fi samun nasara a manyan cinikayya suna tambayar abin da matsalar ke jawowa, ba sa tsayawa kan bayanan da ake ciki kawai. "Hajiya, duk daren da ta narke, asarar nawa ce? Sau nawa a mako?" Ita za ta yi lissafin da bakinta, kuma da wannan lissafin za ta auna kuɗin ƙarin batir. A ganina wannan tambayar tana da haɗari idan niyya ta gurɓata. Don a san girman abin ake yin ta. Wanda ya yi ta don ya tsorata mutum, mai saye na ganewa.

Akwai biyu da ake yawan mantawa: me kika riga kika gwada, kuma da wa za ki yi shawara kafin ki biya? Ta farko tana hana ka maimaita gyaran da ya gaza. Ta biyu tana nuna maka ko maigida ne ko ɗanta zai buƙaci jin bayanin.

Ana gane tambayoyi sun karkace idan amsoshi suka koma "e" da "a'a", ko mai saye ya sake cewa "ni dai farashi nake so". Yawanci ka jera tambayoyi ne ba tare da faɗin dalilinsu ba, ko ka cusa amsa a ciki, irin su "ai batir ne matsalar, ko?" Idan haka ta faru, ba da farashin, sannan ka nemi izinin tambaya guda.

Kafin a ajiye waya, ya maimaita mata abin da ya fahimta: "Wato abin da kike so, firiza biyun su kwana suna aiki har rana ta fito, ko ba haka ba?" Idan ta ce haka ne, sai a sa ranar da zai zo ya gwada baturan ya duba farantan, daga nan ya rubuta farashi.