Kayan da Ba Ya Kwana a Sito

Duk wanda ya saba tafiya a motar haya ya san juye. Kana cikin tafiya direba ya tsaya a wata tasha, ya ce a sauko a shiga waccan motar, ita za ta ƙarasa da ku. Ba a kama maka masauki ba, daga wannan ƙofa ka fita ka shiga waccan. To, manyan kamfanonin rarraba kaya sun mayar da irin wannan juyen tsari na musamman, wanda a Turance suke kira kuros-dokin. Kaya ya iso a babbar mota, a sauke, a rarraba, a ɗora wa wasu motoci su wuce da shi, yawanci kafin awa 24 ta cika.

Ginin da ake wannan aiki bai yi kama da sito ba. Dogo ne siriri, ƙofofi jere a gefe biyu. Tireloli daga masana'antu suna ja da baya su manna gindinsu a ƙofofin wannan gefe, motocin da za su tafi kantuna kuma suna jira a ɗaya gefen. Daɓen ginin an ɗaga shi daidai da tsayin bayan mota, don motar ɗaga kaya mai cokali ta shiga cikin tirela kai tsaye. A ciki babu kantocin jera kaya, sai fili da aka shata da fenti, kowane layi da ƙofar da yake fuskanta. Sirantar ginin ma da dalili: iya kusancin ƙofar shiga da ta fita, iya gajartar tafiyar da kowane kwali zai yi.

Kamfanin da ya fi yin suna da wannan tsari shi ne Walmart na Amurka, wanda Sam Walton ya kafa a jihar Arkansas a 1962. Wata maƙala da ta fito a mujallar Harvard Business Review a 1992 ta bayyana cewa kashi 85 cikin 100 na kayan kamfanin yana bi ta cibiyoyinsa na rarrabawa, inda kaya ke tsallakawa daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin awa 48 ko ƙasa da haka. Marubutan sun ce hakan ya rage masa kuɗin da yake kashewa kan kayan sayarwa da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran masu sana'ar. A ido kaɗan ne, amma a cinikin da ribarsa ƙanƙanuwa ce a kan kowane kwali, wannan tazara ce mai kayar da abokin gasa.

Daga ina ragin yake fitowa? Daga ƙirga hannu. Duk lokacin da aka taɓa kwali, an biya wani, kuma an buɗe ƙofar ɓarna. Mu ƙaddara wani dila ya karɓi tirelar taliya mai kwali 1,200, kuma kowane ɗauka ɗaya yana cin naira 40 a kan kwali. Idan kayan zai shiga sito, za a sauke shi, a kai shi ciki a jera, ranar da oda ta zo a sauko da shi, a kawo shi bakin ƙofa a haɗa da sauran kayan mai odar, sannan a yi lodi. Ɗauka biyar ke nan, naira 240,000. Idan juye aka yi, saukewa ce, da turawa zuwa ƙofar da ta dace, da lodi. Ɗauka uku, naira 144,000. An tsira da 96,000 a mota ɗaya.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani a takardar 'yan dako. A ce kowane kwali naira 10,000 ne, wato jarin miliyan 12 ke kwance. Idan da bashin banki aka saye shi, a ruwan kashi 2 cikin 100 a wata, zaman wata guda a sito ya ci wata 240,000 ɗin, ko da ba wanda ya taɓa kwali ɗaya. Ba a zo maganar hayar sito ba, da mai gadi, da ɓera, da kwalin ƙasa da nauyi ya murƙushe, da wanda aka manta a lungu har wa'adinsa ya wuce.

Amma a ganina, abin da ya fi cancanta a fahimta shi ne sharaɗin da ke ƙarƙashin wannan ragi. Sito wuri ne da kaya ke jiran mai shi. Idan ka cire sito, dole ka san mai kowane kwali tun kafin mota ta iso. Shi ya sa masana'anta ke aiko da saƙo tun mota tana hanya: ga abin da ke ciki, ga adadi, ga lokacin isowa. Wani lokaci ma tun daga masana'antar ake manna wa kowane ɗauri lambar kantin da zai je, na'ura ta karanta a bakin ƙofa, ma'aikaci ya tura kawai. Wani lokacin kuma sai a cibiyar ake kasa shi, wanda ya fi cin aiki amma ya fi ba da damar gyara rabo bisa cinikin jiya. Taliyarmu 1,200 sai ta rabu wa motoci shida, kowace kwali 200, a haɗa mata da sabulun wata tirelar da man girkin wata, kowace mota ta tashi a cike zuwa unguwarta.

Yanzu a ce tirelar man girkin ta lalace a hanya, ta yi lattin awa biyar. Mai sito zai ɗebo daga ajiya ya cike gurbi. Mai juye ba shi da ajiya. Ko motoci shida su tsaya da direbobinsu suna jira, ko su tashi da rabin lodi a sake aika wata mota gobe. Kowanne ya zaɓa, 96,000 ɗin nan ta tafi, wataƙila har da ƙari. Inda hanya ba ta da tabbas, ko mai kawo kaya ba ya cika alƙawarin lokaci da adadi, tsarin yakan ci kuɗin da aka kafa shi don a adana.

Ana gane cibiyar da ta fara lalacewa da ido. Ka shiga da asuba kafin motar farko ta iso. Idan daɓen fayau yake, aiki na tafiya. Idan ka tarar da ɗaurin kaya a kan layukan fenti, ƙura ta hau su, ma'aikata suna matsar da wannan don su kai ga wancan, to wurin ya koma sito, kuma sito mara kanta mara rajista. Kowace matsarwa ɗauka ce da ba a sa a lissafi ba.

Saboda haka ba kowane kaya ake yi wa juye ba. Ya dace da abin da ake saye kullum a adadin da aka sani, da wanda aka riga aka yi odarsa, da kuma mai saurin lalacewa. Masu kai tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas sun san wannan tun da daɗewa: kwando ya sauka daga tirela, masu sari sun ɗora a ƙananan motoci, domin kwanan tumatir asara ce. Kayan gyaran injin da ake nema sau biyu a shekara kuwa, ba wanda ya san ranar da mai shi zai zo, kuma ranar da ya zo ba zai iya jira ba. Wannan kanta yake buƙata, da lamba a rajista.