Masu Komawa Kan Wanda Aka Riga Aka Damfara

A watan Afrilun 2025 dandalin zuba jari na CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a Najeriya. Dandalin ya yi wa mutane alƙawarin ninka musu kuɗi cikin kwana 30, sai aka wayi gari ba mai iya cire ko sisi. A Ibadan fusatattun mutane suka fasa ofishinsu suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki. Ana cikin wannan kuka sai ga sanarwa: duk mai son cire kuɗinsa ya fara biyan kuɗin tantancewa, dala 100 ga mai ƙaramin jari, dala 200 ga wanda jarinsa ya haura dala 1,000. Wato wanda aka kwashe wa dukiya shi aka ce ya ƙara kawo wata kafin ya ga ta farko.

Wannan ita ce damfara ta biyu, kuma sana'a ce mai zaman kanta. Wani lokaci ɓarayin farko ne ke dawowa da sabon suna. Wani lokaci kuma wasu ne daban da suka sayi jerin sunayen waɗanda aka cuta, domin 'yan damfara na sayar wa juna irin wannan jeri: suna, lambar waya, nawa aka ci, da wace dabara. A wurinsu wanda ya taɓa biya ya fi baƙo daraja, tunda an gwada shi, kuma yanzu yana cikin halin da Hausawa ke cewa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayar da atamfa, wanda naira miliyan 2 ta maƙale masa a irin wannan dandali. Rabin kuɗin nasa ne, rabi na adashin matarsa. Cikin ɓacin rai ya rubuta abin da ya same shi a Facebook. Kafin dare mutum huɗu sun amsa masa da magana kusan iri ɗaya, kowa na cewa shi ma an cuce shi amma wani gwani ya dawo masa da kuɗinsa, ga lambarsa. Mutum huɗun nan galibi hannu ɗaya ke juya su.

Ya tuntuɓi gwanin ta WhatsApp. Hoton da ke kai na mutum ne sanye da kwat, ga tambarin wata hukuma a gefe. Bai nemi kuɗi a ranar farko ba, sai tambayoyi cikin ladabi, yana ta "Alhaji, ka kwantar da hankalinka." Washegari ya turo hoton wani shafi mai nuna sunan ɗan kasuwar da adadin kuɗinsa cif, wai an gano su an kuma tsare su. Ganin adadin nan daidai shi ke karya mutum. Ya manta cewa shi da kansa ya faɗi adadin jiya.

Daga nan biya ya fara. Naira 50,000 kuɗin buɗe fayil. Bayan kwana biyu, 150,000 wai haraji. Sai 300,000 na takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne, kuma dole a biya kafin ƙarfe 4, in ba haka ba gwamnati ta ƙwace. Kowane biya asusun wani mutum yake shiga, ba na kamfani ba, kuma sunan na canzawa. A cikin mako guda asarar miliyan 2 ta koma miliyan 2 da rabi. Abin da ke hana shi tsayawa shi ne lissafin zuci: na riga na ba da 200,000, in na fasa yanzu sun tafi a banza. Da ya ce aljihunsa ya ƙare, sai aka nemi lambar BVN da lambar OTP da banki zai turo masa, wai don a zuba masa kuɗin. Ba a buƙatar OTP don a turo wa mutum kuɗi. Aikinta amincewa da fitar kuɗi, kuma wanda ya karanta wa wani ita ya ba shi mabuɗin asusunsa.

Akwai tambaya ɗaya da ke tona asirinsu: tunda kuɗin na hannunku, me zai hana ku cire ladanku a ciki ku turo saura? Amsa ba ta wuce cewa doka ta hana, ko na'ura ba ta yarda ba. Gaskiyar ita ce babu kuɗin. Shafin da suka nuna zane ne da kowane yaro mai kwamfuta zai iya haɗawa.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A watan Yunin 2024 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan lauyoyin bogi da ke bin waɗanda aka damfara da kuɗin kirifto, ta ce tsakanin Fabrairun 2023 da Fabrairun 2024 an ƙara cin irin waɗannan mutane fiye da dala miliyan 9.9. A Afrilun 2025 ta sake fitowa tana cewa har ma'aikatan cibiyarta ta karɓar ƙorafi, IC3, ake kwaikwayo. Wanda ya iya aron sunan FBI, aron sunan EFCC ba zai yi masa wuya ba.

Dalilin da ya sa alƙawarin nasu ba ya yiwuwa yana cikin yadda kuɗin ke tafiya. Kuɗin kirifto in an tura shi ya tafi, babu madannin dawo da shi. Ana iya bin sawunsa, domin kundin da ake rubuta cinikin a buɗe yake ga kowa, amma ganin inda kuɗi ya kwana daban, ɗauko shi daban. Sai in ya faɗa hannun kamfanin canji da ya san mai asusun, ko kuma kamfanin Tether mai fitar da USDT ya daskarar da shi, kuma irin waɗannan kamfanoni jami'an tsaro da kotu suke saurare. Wani gwanin kutse a Telegram ba shi da wannan ikon. Idan ya nemi kalmomi 12 na sirrin lalitar mutum, abin da ya rage a ciki yake so.

Kuɗin banki ya ɗan fi sauƙi, amma sauri yake buƙata. Wanda ya je bankinsa nan take da rasit ɗin turawa da lambar cinikin, bankin na iya sanar da bankin da kuɗin ya shiga a tsare asusun kafin a kwashe. Ɓarayi kan rarraba kuɗi zuwa asusai da dama cikin mintuna, su cire a wurin masu POS, don haka jinkirin kwana ɗaya babba ne. Idan banki ya yi shiru da ƙorafi, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Najeriya. Kai ƙara EFCC kuwa kyauta ne, kuma hukuma ba ta bin mutum a WhatsApp tana neman kuɗin fayil. Ko ta wannan hanyar ta gaskiya, ana iya shafe watanni ko shekaru, kuma da yawa ba sa samun komai. Lauya na gaske zai faɗi haka tun farko, yana da ofishin da za a je a zauna, kuma ba zai rantse cewa kuɗi za su dawo ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne kunya na taya ɓarayin aiki. Ɗan kasuwar nan bai gaya wa matarsa asarar farko ba, yana fatan ya dawo da kuɗin adashin kafin ranar kwasa. Shi ya sa bai yi shawara da kowa ba, shi ya sa kuma da gwanin ya ce ya riƙe maganar a sirri don kada bincike ya lalace, ya ji daɗin hakan. Bayan an toshe lambarsa, sunansa ya koma cikin jerin nan da ƙarin bayani cewa ya biya sau biyu. Wata uku ko huɗu nan gaba wata sabuwar lamba za ta kira shi, wannan karon da muryar mace, tana cewa an kama waɗanda suka cuce shi kuma kotu ta ba da umarnin a biya shi diyya, saura kuɗin hatimi kawai.