Idan Jariri Ya Yi Shiru Bayan Gudawa, Ba Lallai Sauƙi Ya Samu Ba

Kukan jariri yana tayar da hankalin gida, amma ma'aikatan lafiya sun fi tsoron shirunsa. Jaririn da ke tsala kuka yana harba ƙafa, da sauran ƙarfi a jikinsa. Wanda ya kwana yana gudawa, da safe ya lafe a bayan uwarsa har ana cewa "alhamdu lillahi, ya samu barci", shi ne ya kamata a sauko da shi a duba da kyau.

Mu ɗauki yarinya 'yar wata biyar, mai nauyin kilo 6, a tsakiyar bazara. Ta fara zawo kamar ruwa da yamma, kafin asuba ta yi sau bakwai, ga amai sau biyu. Kakarta ta ce haƙori ne. Wannan magana ta "haƙori ne" ta jawo jinkiri a gidaje masu yawa, domin fitar haƙori ba ya sa yaro zawon da zai tsotse masa ruwan jiki. Idan ruwan da yaro ya rasa ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ya shiga haɗari mai tsanani. Ga wannan yarinya, lissafin bai wuce mililita 600 ba, wato ledar fiya wata guda da ɗan ɗori. Babba zai rasa haka bai ji komai ba, ita kuwa tana iya rasa shi a dare ɗaya.

A farkon lamarin za ta yi ta rigima, ta kama nono da zafin nama saboda ƙishirwa. Bakinta ya bushe, tana kuka babu hawaye. Sai uwa ta tambayi kanta: yaushe rabon da in sauya mata kunzugu jiƙaƙƙe? Jariri mai ƙoshin lafiya yana jiƙa kunzugu kamar sau shida a yini da dare. Idan aka yi awa shida zuwa takwas babu fitsari, ko ya zo ɗan kaɗan mai duhun launi, ruwa ya yi ƙasa. Daga nan idanu su zurma, maɗiga ta faɗa. Faɗawar maɗiga ba cuta ce mai zaman kanta ba, alama ce ta ƙarancin ruwa. Shafa mata jiƙo ko wani haɗi a ka ba zai tayar da ita ba, ruwan da ya shiga ciki ne kawai zai yi.

Akwai gwajin da kowa zai iya. A kwantar da yarinyar rigingine, a ɗan tsinko fatar cikinta tsakanin cibiya da gefe da babban yatsa da manuni, a riƙe daƙiƙa ɗaya, a saki. Fatar mai lafiya tana komawa nan take. Idan ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa biyu, abin ya yi nisa. Sai dai gwajin yana yaudara ga yaro mai tamowa, wanda fatarsa dama a sake take, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

Matuƙar tana iya tsotso da haɗiya, a ƙara yawan ba ta nono, a kuma haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira ORS. Yawanci ana zuba leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma a duba rubutun jikin ledar, domin haɗin da ya yi kauri yana ƙara ɓata lamarin. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, cokali cokali. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, wadda ma'aikacin lafiya zai faɗi ma'auninta gwargwadon watanninsa. Wannan duk ana yin sa ne a kan hanyar zuwa asibiti idan idanu sun riga sun zurma, ba a madadin zuwan ba.

Yanzu a ce hantsi ya yi, yarinyar ta daina rigima. An sa mata nono ta kama ta saki. Wannan shi ne wurin da ake ruɗewa. Barci daban, kasala daban. Mai barci idan aka kwance shi daga goyo, aka murza tafin ƙafarsa, zai motsa, ya buɗe ido, ya bi fuskar uwarsa da kallo ko ya fashe da kuka. Wanda ya galabaita sai an girgiza shi yake motsi, ya koma nan da nan. Idanunsa na iya zama a buɗe amma ba ya kallon komai, in an ɗaga hannunsa a saki sai ya faɗi laƙwas. Irin wannan yaro ba a yi masa ɗura. Ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, ruwan zai ƙware shi ya gangara huhu. Ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, kuma wannan ba aikin kemis ba ne. Kasala irin wannan ba zawo kaɗai ke kawo ta ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau, da cutar da ta shiga jini duk suna zuwa da ita.

Numfashi kuwa ƙirga shi ake yi, ba a kintata. A buɗe ƙirjin yaron lokacin da yake kwance lafiya, ba yana kuka ko tsotso ba, a sa agogon waya, a ƙirga tashin ciki na minti ɗaya cur. Kada a ƙirga rabin minti a ninka, domin jarirai sukan yi numfashi da sauri su ɗan dakata su ci gaba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: wanda bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri, kuma a sake ƙirgawa don a tabbatar, daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yarinyarmu idan aka samu 56, ta haura iyaka, ko da ba ta tari sosai. Abin da ake tsoro a nan shi ne nimoniya, ko da yake rashin ruwa mai tsanani ma yana sa numfashi ya yi sauri da zurfi.

A kuma dubi ƙasan haƙarƙari. Idan yaro ya ja iska, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a duk jan numfashi, ko hanci na buɗewa, ko yana nishi, ko leɓe ya yi duhu, huhun na wahala. Maganin tari na kwalba ba ya taɓa wannan, wasu ma sa yaro barci suke yi su ɓoye alamar.

Jaririn da bai kai wata biyu ba hukuncinsa ya fi tsauri. Ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko zafin jikinsa ya kai 37.5, ko ya yi sanyi ƙasa da 35.5, alama ɗaya ta isa a tafi, ko da mai jego ba ta yi arba'in ba. A ganina, mai gida ya kamata ya ba da izini tun kafin ranar ta zo, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa in an ga ɗaya daga cikin waɗannan a fita ba sai an jira shi ba, ya kuma ajiye kuɗin mota. A hanya a rungume jaririn a ƙirji fata da fata, a ba shi nono in yana karɓa. Da isa, kada a bi layi a yi shiru. A gaya wa nas kai tsaye cewa yaron ba ya kama nono, ba ya farkawa, ga adadin numfashinsa, ga lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe.