Daƙiƙa 80 ko daƙiƙa 1: lissafin buɗe shafin farko na PDF

Kundin kasafin kuɗin Jihar Katsina da jerin sunayen waɗanda Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ta ɗauka duk a PDF ake sakinsu, kuma akasari a waya ake buɗe su. A ƙaddara kundi mai shafi 400 da nauyin megabayit 20, a kan layin da ke jan megabit 2 a daƙiƙa. Megabayit 20 daidai yake da megabit 160, saboda haka saukar kundin baki ɗaya na cin daƙiƙa 80. Dalilin jiran nan kafin shafin farko ya bayyana shi ne, a PDF na yau da kullum teburin da ke nuna inda kowane shafi yake yana can ƙarshen fayil.

Tun sigar PDF 1.2 ta 1996 kamfanin Adobe ya samar da tsarin da ke dawo da kayan shafin farko gaba. Idan rubutu, haruffa da hotunan shafin sun kai kilobayit 250, wato kashi 1.25 cikin ɗari na kundin, shafin zai bayyana cikin kimanin daƙiƙa 1. Nauyin fayil dai bai ragu ba, wuri kawai aka sauya wa kayan. Umarni ɗaya ke yin aikin:

```
qpdf --linearize kundi.pdf sabo.pdf
```

Ƙa'idar ISO 32000-1 ta 2008 ta wajabta bayanin wannan tsari ya kasance cikin bayit 1,024 na farko. A nan `/E` ke nuna inda shafin farko ya ƙare, `/L` kuma tsawon fayil. Duk gyaran da aka liƙa a ƙarshe daga baya, ko da sa hannu ne, yana sa tsawon ya saɓa wa `/L`, sai manhaja ta ɗauki fayil ɗin tamkar ba a tsara shi ba. Ana ganewa da `pdfinfo`: layin `Optimized` zai nuna `no`.

Tsallakawa zuwa shafi na 300 kuwa ya dogara ga sabar. Bisa RFC 9110, sabar da ke ba da fayil gutsure-gutsure tana amsawa da lamba 206. Manhajar pdf.js ta Mozilla tana roƙon bayit 65,536 a kowane karo, abin da ke cin kusan rubu'in daƙiƙa a layin da aka ambata. Sai dai tana ci gaba da jan sauran a bayan fage, don haka lokaci ake ragewa, data ba ta raguwa.

Inda lissafin ke rushewa shi ne bangon kundin, idan da sikana aka ɗauke shi. Takardar A4 da aka ɗauka da sikana a ɗigo 300 kowane inci tana da ɗigo miliyan 8.7. Idan hoton ya kai megabayit 1.5, jiran shafin farko ya koma daƙiƙa 6. A ɗigo 150, adadin ɗigon yana sauka zuwa miliyan 2.2, wato kashi 25 cikin ɗari.