Yunit nawa batirin motar lantarki ke ɗauka?

Duk wanda ke da mitar kati a gidansa ya san kilowat-awa, ko da bai taɓa jin sunan ba. Yunit ɗin da ake sayar masa, wanda yake kallon raguwarsa a fuskar mita, shi ne kilowat-awa ɗaya, kuma shi ne ake rubutawa kWh a takardar bayanin motar lantarki. Dutsen guga mai cin wat 1,000 idan ya yi awa guda cur yana jan wuta, ya cinye yunit ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci hakan. Saboda haka idan dillali ya nuna maka takarda an rubuta 64 kWh, abin da take faɗa shi ne batirin motar nan yana iya ba da yunit 64 daga cikarsa zuwa ƙarewarsa.

Bari mu ɗauki mota guda mu bi ta dalla-dalla. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas, tana da batir mai wannan adadin na 64 kWh. Ba a aljihu aka zaro lambar ba. Ƙarfin turin wutar batirin bolt 356 ne, yawan wutar da yake riƙewa kuma amfiya-awa 180. Idan ka ninka biyun za ka samu wat-awa 64,080, ka raba da dubu, ga 64 kWh ta fito. Da irin wannan lissafin, batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200, wanda masu sola suka sani sarai, yana riƙe 2.4 kWh. Sai ka jera irinsa wajen 27 kafin ka kamo abin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujerun Kona.

To, ina wutar take zama a cikin batirin? Gaskiyar magana, ba wuta ce ke kwance a ciki ba. Batirin motar tarin ƙananan batura ne da ake kira sel, kusan 300 a Kona, kowanne yana ba da abin da bai kai bolt 4 ba. An haɗa su rukuni-rukuni, sannan aka jona rukunan ɗaya bayan ɗaya don turinsu ya taru ya kai bolt 356 ɗin nan. A cikin kowane sel akwai faifai iri biyu. Ɗaya an shafe shi da girafayit, wato baƙin abin nan da ke tsakiyar fensir. Ɗayan an shafe shi da haɗin sinadaran ƙarfe mai ɗauke da litiyam. A Kona haɗin nikel ne da manganis da kobalt. Tsakanin faifan biyu akwai wata siririyar leda mai ƙananan ramuka da ke hana su taɓa juna, kuma duka suna jiƙe da wani ruwan sinadari.

Idan aka jona caji, wutar da ke shigowa tana tilasta ƙwayoyin litiyam su bar ɓangaren ƙarfen, su ratsa ruwan da ledar, su je su maƙale a tsakanin yaduddukan girafayit. Ba can suke son zama ba, da zarar sun samu hanya komawa za su yi. Wannan matsin shi ne makamashin da aka ajiye. Direba na taka totur, sai a buɗe musu hanya: litiyam ya koma ta cikin ruwan, su kuma elektiron ɗin da suka rabu da shi, da yake ba sa iya bi ta ruwan, dole su zagaya ta waya. A wannan zagayen ne suke bi ta injin lantarkin su juya tayoyi. Ba a ƙona komai, ba abin da ya fita ta salansa. Litiyam ɗin nan dai shi ne ke kai da kawowa, shi ya sa ake iya maimaita cajin shekara da shekaru. Irin batirin da ke wayar hannunka ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, sai dai an girmama shi har nauyinsa ya haura kilo 400.

Abin da ya fi rikita mutane a takardar shi ne lambobi biyu masu kama da juna, kW da kWh. Tankin ruwa na saman gida zai raba gardamar. Yawan ruwan da tankin ke ɗauka shi ne kWh, ƙarfin zubar ruwa ta famfo kuma shi ne kW. Injin Kona yana iya kai 150 kW, amma wannan iyakar ƙarfinsa ce, lokacin da ake son wuce tirela a kan hawa. Da za a riƙe shi a haka ba sassauci, da batirin bai yi rabin awa ba. A tafiya ta yau da kullum ɗan kaso kaɗan na wannan ƙarfin motar ke ja.

Wajen caji ma kW ce ke faɗin tsawon jira. Soket ɗin bango na gida yana ba da kimanin 2.3 kW. Raba 64 da 2.3, ka ga awa 28 ke nan, kuma wannan idan ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya, abin da mai karatu a Kano ko Gusau ya san yadda yake. Da akwatin caji na musamman mai 7.2 kW, awa tara da ɗoriya sun isa, wato kwana ɗaya na dare. Manyan tashoshin caji masu 50 kW zuwa sama suna kai batirin kashi 80 cikin ɗari a awa ɗaya da 'yan mintuna ko ƙasa da haka, daga nan sai gudun cajin ya ragu sosai. Ba lalacewa ba ce. Guraben da litiyam ke shiga a girafayit sun fara cika, idan aka ci gaba da ɗura shi da ƙarfi sai ya taru a saman faifan ya zama ɓawon ƙarfe, wanda ke rage ran batir har ma yana iya huda ledar nan ta tsakiya. Na'urar da ke kula da batirin ce ke sassauta cajin da kanta. A kuma tuna cewa mita za ta ci fiye da yunit 64 kafin batirin ya cika, domin wajen kashi goma ko fiye na wutar yana tafiya a zafi wajen juya ta zuwa irin wadda batir ke karɓa. Mai lissafin kuɗi ya sa yunit 70 zuwa 73, ya ninka da farashin da kamfanin wutar yankinsa ke sayar masa.

Yunit 64 ɗin nan ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka auna shi da fetur. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan 9 kWh, don haka batirin Kona gaba ɗayansa daidai yake da lita bakwai da 'yan kai. Abin da ya sa yake kai mota nesa shi ne injin fetur yana zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na makamashinsa a zafi, ta lagireto da salansa, shi kuwa injin lantarki yana mayar da wajen kashi tara cikin goma zuwa motsi. Ga kuma wata riba: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin sai ya koma janareta, ya mayar da wani ɓangare na gudun motar cikin batir. Shi ya sa motar lantarki ta fi tattali a cunkoson cikin gari fiye da kan babbar hanya, akasin abin da direbobinmu suka saba da shi.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, domin kWh kaɗai ba ta faɗin nisan tafiya. Sai an san abin da motar ke ci, wanda ake rubutawa kWh/100 km. Takardar Kona tana nuna nisan da ya kai kimanin kilomita 480 a caji ɗaya, amma wannan sakamakon gwaji ne da aka yi a ɗaki, a yanayi mai daɗi, ba tare da kunna esi ba. A wannan gwajin cin motar bai kai 14 kWh a kowane kilomita 100 ba. A ce yanzu ka ɗora iyali da kaya, ka kunna esi saboda zafin watan Afrilu, ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna kana gudun kilomita 120 a awa. Iskar da mota ke turewa tana ƙara nauyi sosai da ƙaruwar gudu, don haka ba abin mamaki ba ne cin ya kai 20 kWh. Raba 64 da 20, ka ninka da 100, kilomita 320 ke nan. Kaduna za ka isa da ragowa mai yawa, amma Abuja ba za ka kai ba sai ka tsaya caji. A ganina, dillalin da ya faɗa maka nisan takarda ya yi shiru kan wannan lissafin, rabin magana ya gaya maka.

Akwai kuma ɗan wayo a lambar kanta. Masu ƙera mota suna killace wani ɗan kaso a sama da ƙasan batir wanda direba ba ya iya taɓawa, domin cikawa maƙil da ƙarewa ƙarƙaf duka suna gajiyar da sel. Wasu kamfanoni suna rubuta jimillar batirin, wasu kuma abin da ake iya amfani da shi kawai. Lambar 64 ta Kona ta amfani ce. Kafin ka gwada mota biyu da juna, tambayi wace ce aka rubuta.

Lambar takarda ta sabon batir ce, kuma batir yana tsufa. Kowane caji yana barin ɗan litiyam a maƙale inda ba ya dawowa, zafi kuma yana hanzarta hakan, musamman idan an bar mota a cike maƙil tana shan rana. Nissan Leaf na farko, wanda ya fito a 2010 da batir mai 24 kWh, ba shi da ruwan sanyaya batir, kuma masu shi a jihar Arizona ta Amurka mai tsananin zafi sun ga ƙarfinsa yana raguwa da wuri. Zafin Sakkwato da Maiduguri bai gaza na can ba. Kona tana sanyaya nata da ruwa, wannan kuwa abu ne da ya cancanci a tambaya game da kowace mota. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, bisa sharaɗin kada batir ya sauka ƙasa da kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali, sai dai motar da aka shigo da ita ta hannu ba lalle ne garantin ya biyo ta ba.

Mai sayen ta hannu yana iya auna batirin da kansa. Ya cika caji, ya goge ƙididdigar tafiya a allon mota, ya yi tuƙi har cajin ya sauka zuwa kashi 50. A ce ya yi kilomita 150, allon kuma ya nuna 18 kWh/100 km. Ya ci 27 kWh ke nan a rabin batir, wato dukan batirin yanzu kimanin 54 kWh yake riƙewa. Awon ba ya rasa ɗan kuskure, don haka a maimaita shi sau biyu, ko a sa makaniki mai na'urar duba mota ya karanto lafiyar batirin kai tsaye. Idan duka sun nuna wajen 54, to a kan 54 za a yi ciniki, ko da takarda ta ce 64.